TSARON NA'URORIN GIDA MASU AIKI DA INTANET: MISALI DAGA KWACIRI

1.0 Gabatarwa

A unguwanni irin su Kwaciri da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, ɗan kasuwa yana zaune a shagonsa na Kasuwar Sabon Gari yana kallon ƙofar gidansa ta waya. Sai dai hanyar da yake bi ya leƙa gidan, ita ce baƙo zai bi idan aka bar ta a buɗe. Wannan darasi zai yi bayanin matakai uku na toshe ta: sauya kalmar sirri, raba hanyar sadarwa, da rufe ƙofofi.

2.0 Tushen Matsalar

Kyamarori da na'urorin naɗar hoto da yawa sukan fito daga masana'anta da suna da kalmar sirri iri ɗaya, kamar `admin` da `12345`, kuma ana rubuta su a takardar bayanin da ke cikin kwali. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ci gajiyar wannan sakaci. Takan ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 23 ta duk na'urar da ta tarar a intanet, ta gwada irin waɗannan kalmomi kusan 60. Da haka ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari ranar 21 ga Oktoba, 2016, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da dama. Abin lura shi ne, Mirai ba ta zaɓen gidan mai kuɗi ko na talaka. Adireshi kawai take bi.

3.0 Gidan da za a Nazarta

A ɗauka wani magidanci a Kwaciri ya sayi kyamarori huɗu da na'urar naɗar hoto, wadda ake rubuta `DVR` a jikinta, da rauta mai ɗaukar layin waya. Kyamara ɗaya tana kallon ƙofar gida, ɗaya zaure, ɗaya gareji, ta huɗu kuma tsakar gida, inda iyali ke harkokinsu. Akwai kuma soket mai kunna injin rijiyar burtsatse ta waya. Mai haɗawa ya gama aiki ya tafi, bai sauya komai ba, kuma duk baƙon da ya zo ana ba shi kalmar waifai ɗin gidan. A nan abin da ke cikin haɗari ya wuce dukiya. Sirrin iyali ne.

3.1 Sauya Kalmar Sirri

Makullai uku ne a wannan gida, ba ɗaya ba. Na farko shi ne na shafin sarrafa rauta, wanda galibi ake shiga ta `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Wannan daban yake da kalmar waifai. Na biyu shi ne na `DVR`. Na uku shi ne asusun manhajar waya da ake kallon hotunan da ita, kuma shi aka fi mantawa. Idan mai haɗawa ya ɗaure na'urar da nasa asusun, to yana iya ci gaba da kallon gidan bayan an sallame shi. Wajibi ne a cire ta daga asusunsa, a ɗaure ta da na maigida, sannan a duba jerin masu amfani a goge duk sunan da ba a sani ba.

Kowane makulli ya samu kalmarsa daban, mai haruffa 12 ko fiye. Kalmomi huɗu marasa alaƙa da juna, haɗe da lambobi, sun fi lambar waya ko sunan ɗan fari, domin waɗannan kowa a layi ya san su.

Wannan mataki yana da iyaka. A wasu tsofaffin na'urori akwai ɓoyayyiyar kalma da masana'anta ta dasa, wadda sauyin da aka yi a allo ba ya taɓa ta. Saboda haka ake buƙatar sauran matakan biyu.

3.2 Raba Hanyar Sadarwa

Bahaushe ya ware zaure domin baƙo ya tsaya a nan, kada ya zarce cikin gida. Haka ake yi wa na'urori. A rautoci da yawa akwai `Guest Network`, wato waifai na biyu da ke ba da intanet amma ya hana isa ga sauran kayan gida. A kunna shi da kalmarsa daban, a mayar da soket ɗin burtsatse da baƙi kansa. A tabbata yana aiki a zangon 2.4 GHz, domin yawancin ƙananan na'urori shi kaɗai suke kamawa.

`DVR` kuwa da kebul ake haɗa ta, don haka waifai na baƙi ba ya raba ta. Mafita ita ce ƙaramar rauta ta biyu. A bar `DVR` a rauta ta farko, a ja kebul daga can zuwa ramin `WAN` na ta biyu, a mayar da wayoyi da kwamfutar iyali kan ta biyun. Dole adireshinsu ya bambanta: idan ta farko `192.168.1.1` ce, ta biyu ta zama `192.168.2.1`. Ta haka waya za ta ga kyamara, amma kyamarar da aka mallaka ba za ta kai ga wayar da ake hulɗar banki da ita ba.

Gwajin yana da sauƙi: a hau waifai na baƙi a nemi shafin rauta. Idan ya buɗe, to ba a raba komai ba.

3.3 Rufe Ƙofofi

Ƙofa a nan lamba ce da na'ura ke sauraron kira ta cikinta. Kyamarori sukan yi amfani da 80 domin shafin sarrafawa, da 554 domin hoton bidiyo, wasu kuma 8000 ko 37777. Rauta ba ta barin kira daga waje ya shigo sai an buɗe masa hanya. A shiga shafinta a goge duk abin da ke ƙarƙashin `Port Forwarding` da `DMZ`, a kuma kashe `UPnP`, domin shi ne ke ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin maigida ba. Daga kwamfutar gida ana iya ganin ƙofofin da `DVR` ke sauraro, bayan an sa ainihin adireshinta:

```
nmap -p 23,80,554,8000,37777 192.168.1.64
```

Idan 23 ta nuna `open`, a kashe `Telnet`. Wannan bincike a kan kayan mutum na kansa kaɗai ake yin sa.

Akwai wani bambanci ga masu rauta mai layin waya. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. Alamarsa ita ce adireshin `WAN` ya fara da `10.` ko ya faɗa tsakanin `100.64.` da `100.127.`. A irin wannan hali kira daga waje ba ya isowa kai tsaye, kallon nesa yana bi ne ta asusun manhaja. Ke nan makulli na uku shi ne babbar ƙofar gidan.

4.0 Alamomin Kutse da Magani

Data ta riƙa ƙarewa da wuri ba dalili, kalmar sirri ta daina karɓuwa, ko kundin `Log` ya nuna shiga a lokacin da kowa ke barci: duk alamu ne. Kashewa da kunnawa na korar irin su Mirai, amma tana dawowa cikin mintuna idan ƙofa na buɗe. Don haka a bi wannan jeri: a cire intanet, a mayar da na'ura saitin masana'anta, a sa sabuwar kalma, a rufe ƙofofi, sannan a haɗa a sabunta manhajarta.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kowane mataki yana toshe gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Na'urar da ba ta yarda a sauya kalmarta, ba ta kuma samun sabuntawa, ba ta cancanci kallon tsakar gida ba.

Tambayoyi

1. Kawo makullai uku da ke gidan misali, tare da bayanin wanda aka fi mantawa.
2. Me ya sa waifai na baƙi ba ya kare `DVR`?
3. Bayyana jerin matakan da za a bi bayan an ga alamar kutse.