Bambancin Tayi da Kiran Ciniki a Dokar Yarjejeniya

A dokar ciniki da Nijeriya ta gada daga Ingila, yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai wani ya yi tayi, ɗayan kuma ya amince da shi yadda yake. Tayi shi ne maganar da mai ita ya yi niyyar ta ɗaure shi da zarar an karɓa. Kiran ciniki kuwa gayyata ce kawai ga jama'a su zo su taya, kuma ba ya ɗaure kowa.

Fataken Sabon Ibadan, unguwar da aka daɗe da saninta da cinikin goro da shanu, sun san wannan a aikace. Idan dillali ya buɗe huhun goro ya ce, "Alhaji, taya," kira ya yi. Idan Alhaji ya ce naira 80,000, shi ne ya yi tayi. Dillali na da ikon cewa "albarka", ya ƙi, ko "na sallama", ciniki ya faɗa.

Haka dokar take ga kayan kanti. A shekarar 1953, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a shari'ar kamfanin magunguna na Boots cewa jera kaya da farashi a kan kanta kira ne. Mai saye ne ke yin tayi lokacin da ya kai kayan wurin biyan kuɗi. Saboda haka, idan yaron shago ya yi kuskure ya liƙa naira 5,000 a turmin atamfar naira 50,000, dokar yarjejeniya ba ta tilasta wa mai shagon ya sayar a haka.

Inda ake yawan yin asara shi ne wurin mayar da tayi. A ce dillalin ya amsa, "Na bar maka a 90,000." Yanzu shi ne mai tayi. Idan Alhaji ya ce 85,000, ya kashe tayin 90,000 ke nan, kuma ba shi da hakkin dawowa ya ce dole a ba shi a wannan farashin. Haka aka yanke a 1840 a shari'ar Hyde da Wrench, inda aka yi tayin sayar da gona a fam 1,000, mai saye ya ce 950, daga baya ya nemi biyan 1,000, kotu ta ce babu ciniki.

Sai dai ba kowace sanarwa ce kira ba. Wanda ya yi shelar bayar da naira 20,000 ga duk wanda ya dawo masa da sansa da ya ɓace, tayi ya yi wa kowa. Wanda ya ji shelar ya kawo san, ya cancanci kuɗin.

Ma'aunin dai shi ne: idan "na yarda" kaɗai ta isa ta kammala magana, tayi ne, idan da sauran ciniki, kira ne.