Gyara Kalaman Talla Idan Sallah Ta Zo Cikin Makoki ko Ƙunci

Tallan Sallah akan shirya shi tun da sauran makonni. Ana rubuta kalamai, a ɗauki murya a situdiyo, a biya gidan rediyo kuɗin fili, a jera hotuna a shafukan sada zumunta su riƙa fita da kansu a ranakun da aka tsara. Matsalar wannan shiri ita ce, tallan yana ɗauke da yanayin ranar da aka rubuta shi, alhali mutane za su ji shi ne cikin halin da suka wayi gari. Idan musiba ta auku a tsakani, maganar da aka tsara don ta faranta rai sai ta koma abin ɓacin rai, kuma mai kayan ake zargi da rashin tausayi ko da bai san tallan ya fita ba.

Makon Babbar Sallar 2025 ya nuna hakan a fili. A ranar 29 ga Mayu ambaliya ta afka wa garin Mokwa a Jihar Neja, mutum sama da 150 suka rasu. Kwana biyu bayan haka, motar 'yan wasan Jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta yi hatsari dab da isowa gida, aka rasa sama da mutum 20. Sallah kuwa ta kama Juma'a, 6 ga Yuni. Wato makon da 'yan kasuwa suka fi sa ran ciniki shi ne makon da gidaje da yawa suke karɓar gaisuwa.

Matakin farko a irin wannan hali shi ne dakatar da duk tallan da aka riga aka jera, kafin ma a yi tunanin rubuta sabo. Ana kiran sashen kasuwanci na gidan rediyo a nemi a janye tallan ko a ɗage shi, a tsayar da saƙonnin waya da aka tsara, a kuma sanar da masu tallata kayan a shafukansu, domin su aka fi mantawa da su. Abin da ya fi yi wa kamfani illa shi ne tallan kiɗa da guɗa ya biyo bayan labarai ko sanarwar rasuwa kai tsaye.

Daga nan sai a auna kusancin musibar da masu sauraro. Ga shagon da ke Kano, hatsarin 'yan wasan rashi ne na cikin gida, domin mamatan 'ya'yan unguwanni ne, kuma mai yiwuwa danginsu suna cikin masu sayen kayan. A nan abin da ya dace shi ne a yi shiru na kwana uku, daidai da zaman makokin da jama'a suka saba, sannan a dawo da murya mai sanyi. Idan kuwa abin ya faru a nesa, kamar Mokwa ga ɗan kasuwar Katsina, ba lallai ne a daina talla ba, amma dole a tace kalamansa.

A ɗauki misalin mai shagon shadda da atamfa da ya shirya wannan talla: “Ambaliyar garabasa! Sallar bana sai wanda ya gani! An karya farashi, kowa ya fito ya shana!” A ƙarƙashin muryar akwai kalangu da guɗa. A ranar da ba komai, wannan talla ne na yau da kullum. A makon da ruwa ya ci mutane a Mokwa, kalmar farko kaɗai ta isa ta sa mai sauraro ya kashe rediyo. Haka “guguwar rangwame” take bayan iska ta yaye rufin gidaje, haka “kasuwa ta kama wuta” take bayan gobara. Mai gyara yana bin rubutun kalma bayan kalma yana neman duk wadda ta yi kama da abin da ya faru.

Gyararren tallan zai iya zama haka: “Masu shirin ɗinkin Sallah, akwai shadda da atamfa da yadin yara. An rage farashi har zuwa ranar Arfa. Shago a buɗe yake daga ƙarfe tara zuwa magariba. Allah Ya kai mu lafiya.” An cire kalangu da guɗa, mai karantawa ya sassauta murya, an kuma rage yawan fitar tallan a rana. Bayanin da mai saye yake buƙata, wato kaya da ragi da lokaci, duk yana nan. Abin da aka cire shi ne umarnin a yi murna, wanda mai makoki ba zai iya bi ba.

Kuskuren da ake yawan yi da kyakkyawar niyya shi ne haɗa ta'aziyya da talla a saƙo ɗaya: a fara da Innalillahi, a ƙare da farashi da lambar waya. Mai karatu yakan ɗauka an mai da rashin jama'a hanyar ciniki. Ta'aziyya takan fita ita kaɗai, gajeriya, da sunan kamfani kawai, ba hoton kaya, ba hoton gawa ko na wurin da abin ya faru, sannan a bar tazarar yini ko fiye kafin talla ya biyo baya. Wanda ya yi alkawarin ware wani abu daga cinikinsa don waɗanda abin ya shafa, ya faɗi ko nawa ne da hannun da za a damƙa wa, ya kuma sanar bayan ya cika.

Ƙuncin rayuwa yana buƙatar wani gyara dabam, domin shi ba ya ƙarewa a kwana uku. Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023, magidanta da yawa suna isa Sallah da lissafin da bai kai ba. A irin wannan lokaci, kalamai irin su “maigidan da ya isa shi ke yanka babban rago” ko “kada ki bari kishiya ta fi ki” gori ne ga wanda ya kasa, balle layya ba a ɗora ta a kan wanda ba shi da hali ba. Abin da ke aiki shi ne a faɗi farashi a fili, a fara da mai sauƙi, a ambaci ƙananan ma'auni kamar rabin turmi ko mudu, da damar biya kaɗan-kaɗan idan akwai. Haka kuma ba a cika baki da “mun san halin da kuke ciki” idan ragin bai taka kara ya karya ba.

Ana gane talla ya saɓa wa yanayi idan martanin mutane ya bar maganar kaya ya koma kan lokaci, ana cewa “yanzu ne lokacin wannan?”, ko aka ga ana yaɗa hoton tallan kusa da labarin musibar. Idan haka ta faru, a janye shi nan take, a ba da haƙuri a taƙaice, ba tare da ɗora laifi a kan yaron da ke kula da shafi ba.

Gyaran yana da iyaka. Sallah ibada ce, za a yi ta ko ana makoki, tela yana jiran yadi, mai shago yana da ma'aikatan da zai biya. Don haka ba a neman a rufe kasuwa, ko a mai da kowane talla wa'azi. Abin da ya kamata shi ne, tun ranar da ake ɗaukar tallan Sallah a ɗauki kala biyu, mai armashi da mai sanyi, a kuma naɗa mutum guda da ke da ikon tsayar da talla ba sai ya jira taro ba. Kafin kowane saƙo ya fita, a karanta shi da ƙarfi a tambaya ko za a iya faɗinsa a gaban wanda ya dawo daga maƙabarta a ranar. In ba za a iya ba, a sake rubutawa.