Kafin ka zuba jika hamsin: abin yi da abin bari

Kada ka biya kuɗi don a ɗauke ka aiki. Mai shagon da ya ba ka kaya ka kai kasuwar Agiye ko Gazawa, shi ke biyan ka la'ada idan ka sayar. In aka ce sai ka fara ajiye jika hamsin na rajista, ko ka sayi kwalin magani ko agogo kafin a buɗe maka lamba, to kai ne kasuwarsu.

Ka tambayi wanda ya gayyace ka: "Ɗan'uwa, in ban kawo kowa ba, kayan kawai na sayar, nawa zan samu a wata?" In ya soma zana maka reshen hagu da na dama, tashi ka tafi.

Ka yi lissafi da kanka. A ce ka zuba jika hamsin, ana ba ka jika biyar kan kowane mutum da ka kawo. Sai ka kawo goma kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma zo maganar riba ba. Su goman nan suna buƙatar ɗari, ɗarin suna buƙatar dubu. A hawa na shida ana neman mutum miliyan ɗaya, fiye da jama'ar Agiye da Gazawa a haɗe. Ina za a samo su? Dole na ƙasa su yi asara, kuma su ne mafi yawa.

Ka duba ko kayan suna da mai saye a waje. Tiyar aya ko ta wake, kowa ya san farashinta ranar kasuwa. Kayan da babu mai saye sai ƴan ƙungiya, kuma a ninkin kuɗinsu, fakewa kawai aka yi da su.

Kada ganin an biya maƙwabcinka ya ruɗe ka. Wata ƙungiya mai suna MMM ta yi wa mutanen Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, da ƙarin lada ga mai kawo wani. Ta biya na farko da kuɗin na baya, har watan Disamba 2016 da ta rufe asusun jama'a.

Kada ka yarda a ce maka kamar adashe ne. Adashe yana da adadin mutane da ranar ƙarewa, kuma abin da ka zuba shi kake kwasa.

Kada ka sayar da akuyar mahaifiyarka, ko ka jinginar da gona, don an ce guri zai cika gobe. In an kira ka aiki wata ƙasa amma sai ka aika kuɗi tukuna, kada ka aika.

In ka riga ka shiga, kada ka jawo ƙaninka don ka fanshe asararka. Adana rasit da saƙonnin waya, ka kai ƙara wurin jandarma.