Fawa bank mai 20,000mAh: abin da nake rubuta wa mai shago kafin ya buɗe kwali

Aikina shi ne rubuta wa masu sayar da kayan waya abin da za su faɗa a bidiyon buɗe sabon kaya, kuma yawancin masu ba ni aiki 'yan kasuwar Farm Centre ne a Kano. Kayan da muka fi yin gardama a kansa shi ne fawa bank. Mai shago yana so ya ce 20,000mAh ce, za ta cika waya mai batir 5,000mAh sau huɗu. Ni kuwa ba na rubuta wannan, domin ba ta yi, ko da ta kamfanin kirki ce.

Ga dalili. Wannan 20,000 ɗin an auna shi ne a kan batiran da ke ciki, masu ƙarfin bolt 3.7, wato 74Wh ke nan. Amma kafar caji bolt 5 take fitarwa idan ba a caji mai sauri ake ba. A kan bolt 5, adadin ya sauko 14,800, sannan wani kaso ya tafi a zafi wurin juya wutar. Shi ya sa idan ka juya bayan kwalin za ka tarar da ƙaramin rubutu, `Rated Capacity`, galibi wajen 12,000 zuwa 13,000mAh. Ita ma wayar tana ɓatar da nata kason. Abin da mai saye zai gani a gida shi ne cikawa biyu da rabi zuwa uku. Idan ka yi masa alkawarin huɗu, a ganinsa jabu ka sayar masa, kuma zai dawo shago da ita yana faɗa, alhali kayan lafiyarsu ƙalau.

Saboda haka takardar da nake ba mai shago kashi biyu ce. Akwai abin da kwali ya ce, wanda nake rubutawa tun kafin a kunna kyamara, kuma kowane layi yana farawa da “kamfani ya rubuta”. Akwai kuma gurabe da nake bari babu komai, sai an ɗauka an auna za a cike su. Ra'ayin farko ba a rubuta shi jiya. Wanda ya haddace “kai, tana da kyau a hannu” kafin ya taɓa kaya, mai kallo yana jin haddar a muryarsa.

Bidiyon yana farawa da kwalin a rufe, a nuna ledarsa ko hatiminsa, a yanka ba tare da an katse ɗauka ba. A fito da duk abin da ke ciki a jera. Idan guntuwar igiya ce kawai babu kan caja, a faɗa a nan take.

Daga nan sai sikeli, irin ƙaramin nan na kicin. Fawa bank mai 20,000mAh ta gaskiya tana kai giram 400 ko kusa da haka. Idan ta tsaya a 200, rubutun jikinta ƙarya ne, kuma shawarata ga mai shago ita ce ya mayar wa dila. Sai dai nauyi kaɗai ba ya wanke kaya, tunda masu jabu sukan cusa batiran bogi cike da yashi. Don haka muke haɗawa da ɗan ma'aunin USB, wanda ake maƙalawa tsakanin fawa bank da waya. A cika ta, a sa sifili, a yi ta cajin wayoyi har ta mutu, sannan a nuna lambar. Wannan yana cin yini, don haka mai shago yana faɗa a fili cewa wannan ɓangaren washegari aka ɗauka.

Maganar saurin caji ma haka. Kwali ya ce 22.5W, amma wannan na kafa ɗaya ne, kuma sai wayar da ta dace da tsarin. Sau da yawa da ka haɗa waya ta biyu, duka su koma caji na yau da kullum. Ita kanta fawa bank ɗin, da cajar 10W sai ta haura awa takwas kafin ta cika, abin da mai dogaro da wutar Nepa ya fi buƙatar sani.

Layin rufewa da na rubuta wa wani mai shago shi ne: “Alhaji, Hajiya, kamfani ya rubuta 20,000. Mun auna, ta cika wannan wayar sau biyu da rabi. Tana ɗan ɗumi idan ana caji mai sauri, kuma ta yi wa aljihun kaftani nauyi. Ga kuɗinta, ga kwanakin garantinmu.” Ya so mu cire maganar ɗumin. Na ce masa ya bar ta, ya ƙara da cewa kada a bar ta cikin mota da rana, domin zafi yana lalata batir irin wannan, har ya kumbura.