Yiwuwar Ƙaryatawa a Matsayin Ma'aunin Ra'in Kimiyya

Gabatarwa

Manazarci yakan yi alfahari da ra'in da ya dace da kowane misali da aka kawo masa. Wannan maƙala ta bi sawun Karl Popper ne, masanin falsafa ɗan Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda tun a littafinsa na 1934 ya nuna cewa irin wannan dacewa rauni ce. A ganinsa, ƙimar ra'i tana ga abin da ya ce ba zai faru ba. Ra'in da bai haramta komai ba, bai faɗi komai game da duniya ba. Wanda ya ce gobe za a yi ruwa ko kuma ba za a yi ba, ba zai taɓa yin kuskure ba, amma manomi bai ƙaru da shi ba.

Husufin 1919

Ra'in Albert Einstein na 1915 ya yi hasashen cewa hasken tauraron da ya gifta ta gefen rana zai karkace da sakan 1.75 na kusurwa, wato kusan digiri ɗaya da aka kasa gida dubu biyu. Lissafin da aka ɗora kan ra'in Newton kuwa rabin haka ya bayar. Da yake ba a ganin taurarin da ke kusa da rana sai lokacin husufi, sai aka jira na 29 ga Mayu, 1919. Arthur Eddington ya tafi tsibirin Principe a gaɓar yammacin Afirka, wata tawagar kuma ta nufi Sobral a Birazil. Suka ɗauki hotunan taurarin, suka kwatanta da hotunan da aka ɗauka da dare, lokacin da rana ba ta wurin. Principe ta ba da kimanin 1.61, Sobral kuma 1.98.

Abin da ya ja hankalin Popper shi ne kasadar da ra'in ya yi. An faɗi adadin tun kafin a auna, kuma da taurarin ba su gusa ba, da ra'in ya faɗi. Ya kwatanta wannan da ra'in Alfred Adler kan halayyar ɗan Adam. Mutumin da ya tura yaro cikin ruwa, za a ce jin ƙasƙanci ne ya sa yake son nuna cewa ya isa. Wanda ya faɗa ruwan don ceton yaron, shi ma haka za a ce. Tunda babu halin da zai saɓa wa ra'in, dacewarsa da halaye dubu ba shaida ba ce.

Sai dai aunawa ma ba ta kuɓuta daga kuskure ba. A Sobral an ajiye wasu hotuna gefe, waɗanda suka fi kusa da adadin Newton, bisa hujjar cewa na'urar da ta ɗauke su ta sami tangarɗa, hotunan suka yi dishi-dishi. Hujjar karɓaɓɓiya ce saboda ana iya tantance ta ba tare da duba wanda sakamakon ya yi wa daɗi ba.

Misali daga Nazarin Hausa

A 1971 William Leben ya kawo dokar da ta ce idan kalmar Hausa ta ƙare da gaɓoɓi biyu masu karin sautin ƙasa, kuma wasalin ƙarshe dogo ne, to gaɓar ƙarshe takan koma sama. Da ita ya bayyana bambancin aikatau a cikin "ya karanta littafi", inda wasalin ƙarshe gajere ne mai karin ƙasa, da kuma "ya karanta", inda yake dogo mai karin sama. Dokar ta haramta abu takamaimai: kada a sami kalma mai ƙarewa da ƙasa-ƙasa da dogon wasali.

Wannan haramci ne ya ba Paul Newman da Philip Jaggar abin kamawa a 1989. Sun tattaro kalmomin da ke da wannan siga, daga cikinsu akwai amsa-kama da kalmomin aro irin su "firamare". Russell Schuh ya mayar da martani a shekarar, yana kare dokar.

Mai kare irin wannan doka yana da hanya biyu. Yana iya taƙaita ta ga wani rukunin kalmomi da ya fayyace tun da farko, ko ya ce ta yi aiki ne a wani zango na tarihin harshen. Wannan halas ne, domin sabuwar da'awar ma tana da abin da zai iya rushe ta, kamar a sami tsohuwar kalma ta asali, suna ko aikatau, mai wannan siga. Amma idan duk kalmar da aka kawo masa sai ya kira ta togaciya, ba tare da ma'aunin da ke rarrabe togaciya da sauran kalmomi ba, to dokar ta tsira, sai dai ta koma sahun ra'in Adler.