In an ce kore za a sa ranar biki

'Ya'yana mata, da an gama yankan shinkafa a Kadawa kun san katin biki zai fara yawo daga Kura har Bunkure. Yanzu kuma wasu iyayen biki sun rage fitar da anko, sai su ce kowa ta zo da launi kaza. Kafin ki taɓa kuɗinki, 'yata, ki tambayi uwar biki ko babbar ƙawar amarya: anko ne, ko launi kawai? In anko ne, zane ɗaya kowa za ta ɗinka. In launi ne, an ba ki sarari, har abin da ke cikin akwatinki ma zai iya fitar da ke kunya.

A ce kore aka faɗa. To, wane koren? Ke da kika tashi a bakin kanal kin san koren irin shinkafa daban, na ganyen tumatir daban. Hoton da aka turo a waya kada ki dogara da shi, don kowace waya da yadda take nuna launi. Ki roƙi ɗan ƙyalle ko da faɗin yatsa biyu ne, ki ƙulle a bakin mayafi ki tafi da shi Kantin Kwari. A can ma kada ki yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago. Ki ce wa mai kanti, "Alhaji, bari in gani a haske," ki fito da turmin waje ki kara da ƙyallen. Sannan ki jiƙa farin hankici ki goga a gefen zanen. In ya kama launi, zanen mai zuba ne, zufar yinin biki kaɗai ta isa ta ɓata miki farin mayafi. Sheƙin shunin ɗan Kura a jikin mai rawani ado ne, amma zubar atamfa asara ce.

In hannunki bai kai turmi mai yadi shida da kuɗin ɗinki ba, don Allah kada ki ci bashi, kada kuma ki matsa wa maigidanki ya taɓa kuɗin takin noman rani. Ɗauko atamfar da kike da ita mai ratsin kore, ki sayi mayafi da ɗankwali da suka dace da ƙyallen. Su ido ke fara gani a taro, su ne kuma ke fitowa a hoto.

Ki tambaya kuma ko launin na kamu ne ko na yini, da wanda amarya ta keɓe wa kanta, ki bar mata shi. Ɗinki ki kai wa tela da wuri, aƙalla mako biyu kafin rana, don lokacin kaka layi ake yi. Ki je ki gwada saura kwana uku, yadda in hannu ya matse ko siket ya yi tsawo zai samu damar gyarawa.