Yadda Ake Juya Kirari Zuwa Waƙar Turanci Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kan naɗo kirarin 'yan dambe da mafarauta a Basawa da kewaye, sannan a bukaci su kawo shi da Turanci. A nan ne aiki ke lalacewa: kirari ya shiga da ruri, ya fito kamar rahoton ofis. Dalilin kuwa ɗaya ne. Mai kirari suna yake raɗa wa kansa, mai fassara kuma sai ya mai da sunan bayani.

Ga kirarin da na tsara domin mu gwada, a bakin ɗan dambe:

Ni ne gatarin Basawa, dare ɗaya in kwantar da kuka!
Markar Agusta, mai katangar ƙasa ba ya barci!
Kunamar bayan randa, mai ƙishirwa ya yi hankali!

Da farko, yi aiki da kunne kafin takarda. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, don haka kukar miya da kukan hawaye kamanninsu ɗaya a rubuce. Wanda ya dogara da takarda zai iya fassara layin farko a matsayin mai rarrashin yaro, alhali mutumin cewa yake yana kayar da icen da ya gagari masu sara. Ka saurari faifan, ka kuma lura ko shi ke wasa kansa ko maroƙi ke wasa shi.

Na biyu, raba kowane layi gida biyu: suna da wutsiya. Gatari, marka da kunama su ne sunaye. Abin da ya biyo baya shi ne wutsiyar da ke nuna wanda zai sha wuya. Ka tambayi masu abin ma'anar kowane suna, sannan ka duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 a Laburaren Kashim Ibrahim, domin yakan kawo kirarin dabbobi da abubuwa a ƙarƙashin kalmominsu.

Na uku shi ne inda ya kamata ka daɗe. Kada kalmar “kamar” ta shiga fassararka. Wanda ya ce shi kamar gatari ne yana neman a yarda da shi. Wanda ya ce shi ne gatari ya gama magana. Ka fara layin Turancin da sunan tsurarsa, ka sa waƙafi, wutsiya ta biyo. Kuka kuma ta zauna a kuka. Turanci na da sunanta, don haka babu hujjar musanya ta da wani icen Turai wai don mai karatu ya saba da shi.

Layi na biyu ya fi wuya. A Zariya, Agusta ne tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba har ginin ƙasa ya jiƙe ya zube. Baturen Ingila kuwa watan hutu da rana ya sani. Idan ka rubuta “ruwan Agusta” kawai, tsoron ya tafi. Mafita ita ce ka ƙara kalma ɗaya tak da ke nuna ruwan ba ya ɗaukewa, ka kuma tabbatar an ji katangar ta laka ce. Haka randa: kalmar Turancin da ta fi saurin zuwa baki takan nuna ƙaramar kwalba, saboda haka ka ce tukunyar ruwa ta yumɓu. Sauran bayani, ka sauke shi ƙasan shafi. Da ya shiga cikin baiti, ƙarfin ya tsiyaye.

Na huɗu, bar amsa-amo, ka nemi bugu. Turanci da nauyin gaɓa yake tafiya, don haka ka ba kowane rabin layi bugu biyu ko uku da gajerun kalmomi. Tsohuwar waƙar jarumtar Ingila, irin ta Beyawulf, haka aka gina ta: bugu huɗu, tsayawa a tsakiya, da maimaita baƙin farko. Neman amsa-amo kuwa yakan tilasta maka cusa kalmomin da ɗan damben bai faɗa ba.

Ka kula da “ya yi hankali”. Gargaɗi ne na mai neman faɗa, amma a Turanci yakan koma shawarar likita. Ka mai da shi umarni kai tsaye ga mai ƙishirwar, gajere, babu “don Allah”.

Daga ƙarshe, ka tashi tsaye ka faɗi fassarar da ƙarfi, kowane layi a numfashi ɗaya. Layin da ya sa ka tsaya shan iska ya yi tsawo, a rage shi. Sannan ka karanta wa wanda ba ya jin Hausa, ka tambaye shi wa ke magana, kuma me zai yi wa abokin karawarsa. Idan ya ce mutumin na ba da labarin damina ne, sai ka koma kan layi na biyu.